Ƙawanyar Akka: yaƙin Salibiyya a idon Faranjawa, a idon Musulmi, da a idon dakaren da ke cikin rami

*Malam, kullum in ana maganar yaƙe-yaƙen Salibiyya, labarin Salahuddin da sarakunan Turai kawai muke ji. Shin yaya kowane ɓangare yake kallon yaƙin a lokacin? Kuma ƙaramin soja, wanda ba sarki ba, ba amiri ba, me ya gani?*

Ɗan'uwa, shekara kusan 200 aka yi ana wannan gwagwarmaya a Sham, daga 1096 zuwa 1291, kuma wanda ya ce zai tattara ta duka a zama ɗaya zai ƙare da jera sunaye ne kawai. Gara mu tsaya a wuri guda. Na zaɓi ƙawanyar da aka yi wa birnin Akka, a gaɓar tekun Falasɗinu, daga Agustan 1189 zuwa Yulin 1191. A can rundunoni biyu suka zauna suna kallon juna kusan shekara biyu, kuma kowane ɓangare yana da mutumin da ya gani da idonsa ya rubuta. A wajen Musulmi akwai Baha'uddin Ibn Shaddad, alƙalin rundunar Salahuddin, da magatakardansa Imaduddin al-Isfahani. A wajen Kiristocin Turai, waɗanda Musulmin zamanin suke kira Faranjawa, akwai Amburuwaz, wani mutumin Normandi da ya bi ayarin Sarki Ricad na Ingila ya tsara abin da ya gani a waƙe.

Kafin a isa Akka sai an san abin da ya tara mutanen a can. Ranar 4 ga Yulin 1187 Salahuddin ya ragargaza rundunar masarautar Ƙudus ta Faranjawa a Hiɗɗin, kusa da tafkin Ɗabariyya. Ƙishirwa ce ta fara cin su kafin takobi. Sarkinsu, Gai na Lusinyan, ya bar maɓuɓɓugan ruwa na Saffuriyya ya ratsa tudu cikin zafin bazara, Musulmi suka tsare hanyar ruwa, suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta hayaƙi ya turnuƙe su. Dakarun ƙasa suka watse suka haye tsauni, aka yi ta aika musu su sauko su kare mahaya, suka ce ƙishirwa na kashe su, ba za su sauko ba. Aka kama sarkin, aka ƙwace itacen da Kiristoci suka yi imani guntun gicciyen Almasihu ne. Wata uku bayan haka, ranar 2 ga Oktoba, wadda ta dace da 27 ga Rajab na shekarar 583, Ƙudus ta miƙa wuya.

Ga Baturen wancan zamani, wannan labari ya fi faɗuwar gari nauyi. Fafaroma Giregori na Takwas ya fitar da takardar kira a Oktoban 1187, kuma abin da ya ɗora wa laifin shi ne zunuban Kiristoci kansu: Allah ya yi fushi da su, shi ya sa ya bari aka ƙwace kabarin da suke girmamawa a Ƙudus, wanda suka yi imani na Almasihu ne. Saboda haka maganin da ya ba su tuba ne da azumi, sannan tafiya. Nan ne mutanenmu da yawa suke kuskuren fahimta. Bature mai ɗinka alamar gicciye a kafaɗar rigarsa yana ɗaukar kansa mai ziyarar ibada ne wanda ya yi bakance, ya rataya takobi saboda hanyar tana hannun abokan gaba. Mutum ne da aka rene shi a kan tsoron wuta, sana'arsa zubar da jini, limamansa kuma kullum suna gaya masa cewa wannan sana'a halaka ce. Tun hudubar Fafaroma Urban na Biyu a Kilamon a 1095 aka buɗe masa ƙofa: ya yi yaƙin da ya iya, wahalar tafiyar ta zame masa kaffarar zunubansa. Coci ta ɗauki alkawarin tsare masa iyali da dukiya, aka dakatar masa da ruwan bashi. A Ingila a 1188 aka sa harajin kashi ɗaya cikin goma da aka laƙaba wa sunan Salahuddin, kuma wanda ya yi bakancen tafiya an ɗauke masa shi.

Ana yawan cewa kwaɗayin ƙasa da ganima ne kawai ya kawo su. Akwai masu kwaɗayin, kuma 'yan kasuwar Janawa da Fisa da Banis sun san ribar da ke cikin tashoshin jiragen Sham. Amma ga yawancin barade tafiyar asara ce. Masana sun ƙiyasta cewa barde yana buƙatar ninki huɗu ko biyar na abin da yake samu a shekara kafin ya shirya kansa da dawakinsa da barorinsa, don haka jinginar da gona ko sayar da ita shi ne abin da aka saba. Ibn al-Asir, masanin tarihi na Mausil, ya kawo labarin wani fursunan Faranja da ya ce shi kaɗai ne ɗan mahaifiyarsa, ba ta da komai sai gida, ta sayar da gidan ta shirya shi ta turo shi ya ƙwato Ƙudus. Marubucin Musulmi ne, ba shi da dalilin yi wa abokin gaba ado. Ya kawo labarin ne don Musulmi su san irin mutanen da ke gabansu.

Shi wannan imani yana da fuska mai muni, kuma bai kamata a rufe ta ba. Masu wa'azi sun yi yawo da zanen hotuna a garuruwan Turai, wani yana nuna Balarabe yana dukan Almasihu har jini na zuba, wani yana nuna mahayin Musulmi ya hau kan kabarin da dokinsa yana ƙazantar da shi. Talakan da ya ga wannan bai taɓa haɗuwa da Musulmi ba, an gaya masa masu bautar gumaka ne. Zafin da aka hura masa yakan fara sauka a kan maƙwabtansa Yahudawa tun kafin ya bar gida, kamar yadda aka yi a garuruwan kogin Rain a 1096, aka kuma maimaita a Yok ta Ingila a Maris na 1190.

A ɓangaren Musulmi abin ya bi wata hanya dabam. Lokacin da Faranjawa suka fara shigowa a 1097, Sham a rarrabe take tsakanin 'ya'yan sarautar Saljuƙawa masu gaba da juna, Misira kuma tana hannun Faɗimiyyawa 'yan Shi'a da ba sa ga maciji da halifancin Bagadaza. Ko bayan kisan gillar da Faranjawa suka yi da suka ci Ƙudus a Yulin 1099, sarakuna da yawa sun ɗauki baƙin a matsayin ƙarin maƙwabci mai faɗa, wanda za a iya yaƙarsa bana a ƙulla kawance da shi baɗi. Malamai ne suka fara ganin girman abin. A Dimashƙa a 1105, wani faƙihi mai suna al-Sulami ya karantar da cewa abin da ke faruwa a Sham da abin da ya faru a Siƙilliyya da Andalus duk hari ɗaya ne, kuma rarrabuwar sarakuna ce ta buɗe masa ƙofa. Ba a saurare shi sosai ba a lokacin. Sai da aka shafe shekaru da dama, a zamanin Nuruddin ɗan Zangi, sannan kiran jihadi ya zama manufar gwamnati, ana gina makarantu, ana karanta falalar Ƙudus a masallatai. Nuruddin har mumbari ya sa aka sassaƙa a Halab don Masallacin Aƙsa tun birnin yana hannun Faranjawa, kuma Salahuddin ne ya kai shi can bayan nasara.

To ka ga bambancin farko. Shi Bafaranje yaƙin a wurinsa tafiya ce mai farko da ƙarshe: ya je, ya cika bakancensa, ya koma gida. Shi Musulmin Sham kariyar gida ce daga baƙin da suka fito daga teku, waɗanda yake ganin sun ƙazantar da Aƙsa da Ƙubbatus Sakhra, suka kafa gicciye a kan ƙubbar, har ɗayansu, Arnaɗ mai sansanin Karak, ya saka jirage a Bahar Maliya yana tsorata hanyar alhazai. Amma kowane ɓangare yana da ɓaraka a cikin gida. Salahuddin ya shafe shekarun 1174 zuwa 1186 yana yaƙar 'yan'uwansa Musulmi fiye da yadda ya yaƙi Faranjawa, ya karɓi Dimashƙa da Halab, ya tilasta wa Mausil biyayya. Shi yana cewa sai an haɗa kai za a ƙwato Ƙudus. Gidan Zangi suna cewa baran Nuruddin ne ya ƙwace gadon 'ya'yan ubangidansa. Ni ina ganin duka biyun akwai gaskiya a ciki, kuma wannan tsohon ciwo ya biyo shi har Akka.

A Agustan 1189 Gai, wanda Salahuddin ya saki, ya yi abin da kowa ya ɗauka wauta ce. Ya ɗebi 'yan dubban mutane ya je ya kafa sansani a kan wani tudu a gabashin Akka, birnin da ke hannun Musulmi tun bayan Hiɗɗin. Salahuddin ya zo ya kewaye shi ta baya. Sai aka samu zobe biyu: dakarun Musulmi a cikin birni, Faranjawa kewaye da ganuwa, rundunar Salahuddin kewaye da Faranjawa. Teku ce ta hana a murƙushe su, domin jirage suna ta sauke sababbin mayaƙa daga Danmak da Firisiya da Faransa da Italiya.

Babban karon farko ya zo ranar 4 ga Oktoba. Faranjawa suka fasa tsakiyar rundunar Musulmi har suka kai kusa da hemar Salahuddin, sannan suka shagala da kwasar kaya, aka juyo kansu aka karkashe dubbai. Abin da ya fi nuna rayuwar ƙaramin mutum a ranar ya faru ne a bayan fage. Barori da masu kula da kaya a sansanin Musulmi, da suka ga tsakiya ta karye, suka ɗauka an gama, suka kwashe kayan iyayen gidansu suka gudu, wasu ba su tsaya ba sai Ɗabariyya, wasu har Dimashƙa. Sai da Salahuddin ya aika aka tattaro kayan aka tara a gaban hemarsa, kowa ya zo ya rantse ya ɗauki nasa. Gawarwakin Faranjawa kuwa aka zuba su a kogin da ke gangarawa ta wajen sansaninsu. Wari da cuta suka tashi, shi kansa Salahuddin ya kamu da rashin lafiya, ya ja rundunarsa baya zuwa Kharruba.

Wannan ja da baya shi ya yanke hukuncin sauran yaƙin. Faranjawa suka samu sarari suka haƙa gwalalo suka tara tudun ƙasa daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku, ɗaya yana fuskantar birni, ɗaya yana fuskantar Salahuddin. Ƙarfin sojan Musulmi a kan doki yake, Turkawa da Kurdawa masu harbi da baka suna sukuwa, su kawo hari su janye su sake dawowa. Doki ba ya tsallake rami mai ɗan baka a bayansa, musamman irin bakan Faranjawa da ake ɗanawa da ƙafa, wanda kibiyarsa ke huda sulke. Daga ranar nan Salahuddin bai sake iya fasa sansanin ba.

Sannan akwai matsalar yadda aka gina rundunarsa. Ban da mamalikansa na kansa, wato bayin da aka horar suka zama sojoji, sojojinsa na amirai ne, kuma ana biyan amiri da iƙɗa'i, wato a ba shi harajin wani yanki shi kuma ya kawo adadin mahaya, kusan yadda hakimi yake riƙe ƙasa a hannun sarki ya fito da barade in an buga tambari. Irin wannan soja yana son yaƙin rani guda, a ci ganima, ya koma ya kula da girbi da karɓar harajinsa. Zama a gaban rami shekara biyu ba ganima cin aljihunsa yake yi. Duk hunturu sai rundunonin Mausil da Sinjar da Jazira su nemi izinin tafiya, wani ma ya tafi ba izini. Salahuddin ya rubuta wa Halifa al-Nasir a Bagadaza, abin da ya zo kaya biyu ne na nafɗa, wato man da ake cinna wa wuta a jefi abokan gaba, da 'yan gwanayen harba shi, da takardar izinin ya ranci dinari 20,000 daga 'yan kasuwa, ya karɓi man ya mayar da takardar. Ya aika jakada wajen Ya'aƙub al-Mansur na Muwahhidawa a Magrib yana neman jiragen yaƙi, ba su zo ba. Wasiƙun fadarsa cike suke da ƙorafi iri ɗaya: ga kafirai suna barin gidajensu suna ƙetare teku, ga Musulmi sun yi zamansu.

Duk da haka, a cikin wannan runduna akwai waɗanda Allah kaɗai ya kawo su: 'yan sa-kai, malamai, sufaye, masu sana'a. A bazarar 1190 Faranjawa suka gina hasumiyoyi uku na katako masu ƙafafu, sun fi ganuwar tsawo, aka lulluɓe su da fatun da aka jiƙa da ruwan tsami don kada wuta ta kama. Gwanayen nafɗa suka yi ta jifa a banza. Wani saurayi ɗan Dimashƙa, daga gidan maƙeran tagulla, ya ce a ba shi dama. Ya dafa haɗinsa a tukwanen tagulla, aka harba da manjaniƙi, wato injin jifan duwatsu, hasumiyoyin uku suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Da aka miƙa masa tukuici ya ƙi karɓa, ya ce don Allah ya yi. Akwai kuma Isa mai ninƙaya, wanda yake ɗaura wasiƙu da kuɗi a ƙugunsa ya nutse ta ƙarƙashin jiragen Faranjawa da dare ya shiga birni, in ya isa a saki tattabara a sanar. Wata rana tattabara ba ta zo ba. Bayan kwanaki teku ta turo gawarsa gaɓar birnin, jakunkuna uku na dinari 1,000 suna nan a ɗaure a jikinsa.

A ɗaya gefen ramin, talakan Faranja yana ɗaukar ƙasa da duwatsu a ka yana cike gwalalon birni don injinan yaƙi su matso, 'yan baka suna harbinsa daga saman ganuwa. Mata ma suna cikin masu ɗaukar. An ruwaito wata da kibiya ta same ta, tana gargarar mutuwa ta roƙi mijinta a jefa gawarta cikin gwalalon ta zama ciko. Da gaske ana cike shi da mushen dawakai da gawarwaki, kuma Ibn Shaddad ya bayyana yadda aka raba dakarun cikin birni: wasu su sauka su sassare mushen don ya ɗauku, wasu su kwashe su zuba a teku, wasu su tsare su da makami. Aikin jihadi na yau da gobe a Akka ke nan, ga wanda ba shi da doki.

Yunwa ta fi kibiya kisa. In hunturu ya shigo teku takan yi hauka, jirage su daina zuwa. Tun a Yulin 1190 dakarun ƙasa na Faranjawa suka gaji da zama da yunwa, suka zargi manyansu da ragwanci. Ranar 25 ga wata suka fita da kansu ba tare da barade ba, suka afka wa ɓangaren al-Adil, ƙanen Salahuddin. Aka ja da baya aka bar musu hemomi, suka duƙufa kan abinci da kaya, mahaya suka dawo suka yi musu yankan rago. Dubbai suka mutu, yawancin baradensu suna kallo daga bayan rami. A hunturun 1190 zuwa 1191 aka ci dawakan yaƙi, aka ci ciyawa, aka gwigwiyi ƙashin da karnuka suka bari, 'yan kasuwa kuma suka ɓoye hatsi suna jiran farashi ya ƙara hawa. Dasashi ya kumbura, haƙora suka zube, ga atuni ga zazzaɓi. Cutar ba ta bar manya ba: Sarauniya Sibila matar Gai da 'ya'yanta mata biyu, Babban Bishop Baldwin na Kantabari, da Firedarik na Suwabiya, ɗan sarkin Jamus Barbarosa wanda shi kuma ya nutse a kogi a Anadol tun a Yunin 1190. Wasu talakawa suka tsallaka wajen Musulmi saboda gurasa, wasunsu suka musulunta. Wani limami na ayarin Baldwin ya rubuta gida yana cewa Ubangiji ba ya cikin wannan sansani, saboda fasiƙanci da hassadar manya da ya gani. Ka lura da yadda ya fassara wahalar: bai yi shakkar yaƙin ba, mutanen ya tuhuma.

Cikin birni ma ana jin jiki. Wata rana sai da aka loda jirgi a Bairut da alkama da cuku da albasa da tumaki, matuƙan Musulmi suka aske gemu, suka sa tufafin Faranjawa, suka kafa gicciye, suka ɗora aladu a saman jirgin inda za a gani, sannan suka ratsa jiragen abokan gaba suka shiga tashar.

Abin da ya fi ba mai karatu na yau mamaki shi ne sabon da ya shiga tsakanin mutanen biyu. Ibn Shaddad ya ce saboda daɗewa ana karawa an san juna, har akan dakata da faɗa a yi hira, wani lokaci a yi waƙa da rawa tare, bayan ɗan lokaci a koma faɗa. Wata rana suka ce manya sun gaji, bari yara su gwada. Aka fito da yara daga birni da yara daga sansani, wani yaron Musulmi ya kayar da ɗan Faranja ya riƙe shi ya ce fursunansa ne, wani Bafaranje ya fanshe shi da dinari biyu. Akwai kuma ɓarayin da Salahuddin yake turawa cikin hemomin Faranjawa da dare, waɗanda suka sato jariri ɗan wata uku. Uwar ta kwana tana kuka, manyanta suka ce ta je wajen Sultan, mai tausayi ne. Ta je, aka tarar an riga an sayar da jaririn a kasuwa, ya sa aka biya mai sayen aka dawo mata da shi. Labarin yana nuna halin Salahuddin, kuma yana nuna cewa a kasuwar sansaninsa sayar da jariri ba abin mamaki ba ne. Kada ka ɗauki wannan sabo a matsayin ƙauna. Mutanen da suka yi rawa tare su ne suka koma suna ƙona juna da nafɗa washegari.

Sarki Filib na Faransa ya iso a Afrilun 1191, Ricad ya iso ranar 8 ga Yuni da jirage da kuɗin da ya kwaso daga Ƙubrus. Kuɗin ya yi aiki nan take. Filib yana biyan barde zinariya uku a wata, Ricad ya sa huɗu. Ya yi shela cewa duk wanda ya ciro dutse ɗaya daga ganuwa yana da zinariya biyu, daga baya ya ƙara zuwa uku, sannan huɗu, matasa suka yi ta mutuwa a gindin bango. Manyan manjaniƙai suna dukan ganuwa dare da rana. Masu haƙa suna bi ta ƙarƙashin hasumiya, su tokare ramin da katako, su cika shi da itace su sa wuta, katakon ya ƙone ginin ya rufta. Na ciki su ma suna haƙa nasu ramin don su tare su, wani lokaci a yi kiciɓis a ƙarƙashin ƙasa. In an matsa wa birni sai su buga ganga, Salahuddin ya kawo hari ta baya, ramin nan ya tsayar da shi. A farkon Yuli wasu amirai suka sulale daga birnin cikin ƙaramin jirgi da dare, Salahuddin ya ƙwace iƙɗa'insu. Ranar 12 ga Yuli, Ƙaraƙush da al-Mashɗub, shugabannin dakarun ciki, suka miƙa wuya bisa sharaɗin za a biya dinari 200,000, a saki fursunonin Faranjawa fiye da 1,500, a mayar da gicciyen Hiɗɗin.

A nan ne za ka ga inda ran ƙaramin soja yake rataye. A yaƙin wancan zamani, a kowane ɓangare, wanda aka kama kuɗi ne. Mai suna ana ajiye shi don fansa, marar suna a sayar da shi ko a kashe. Bayan Hiɗɗin Salahuddin ya shayar da Sarki Gai ruwan sanyi, ya kashe Arnaɗ da hannunsa, ya sa aka fille kawunan mayaƙa wajen 200 na Dawiyya da Isbitariyya, ƙungiyoyin baraden addini na Faranjawa, talakawan kuma suka cika kasuwar bayi ta Dimashƙa har farashin mutum ya faɗo dinari uku. A Ƙudus ya hana kisa, abin da ya bambanta shi ƙwarai da masu cin birnin a 1099, ya sa fansar dinari goma ga namiji, biyar ga mace, ya yafe wa da yawa, amma dubban da ba su iya biya ba sun tafi bauta. A Akka aka samu saɓani kan kason farko na kuɗin da sunayen wasu manyan fursunoni. Salahuddin yana tsoron ya biya a riƙe mutanensa, Ricad yana zargin ana ja masa rai ne don lokacin yaƙi ya ƙure. Ranar 20 ga Agusta Ricad ya sa aka fito da fursunonin Musulmi tsakanin 2,600 da 3,000 a ɗaure, aka karkashe su a fili a gaban masu gadin rundunar Salahuddin. Aka bar amirai da masu hannu da shuni da rai. Marubutan Faranjawa sun kira abin ramuwar 'yan'uwansu da suka mutu a gindin ganuwa. Ni a wurina kisan gilla ne da ba shi da uzuri, kuma mutanen da suka riƙe birnin cikin yunwa su aka yanka a kan cinikin da ba a yi shawara da su ba. Bayan haka, na tsawon makonni, duk Bafaranjen da aka kama a hanya Salahuddin yana sa a kashe shi, kuma yawancin waɗanda ake kamawa su ne waɗanda gajiya ta sa suka faɗo baya.

Tafiyar da ta biyo baya, daga Akka zuwa Yafa ta bakin teku, ta nuna abin da dakaren Faranja yake iya jurewa. Ricad ya jera su kamar bango tsakanin maharban Musulmi da dawakin barade, rabi suna tsaro rabi suna ɗaukar kaya ta gefen teku, ana musanyawa. Ibn Shaddad ya ga mutane sanye da lifidi da sulke, kibiya har goma a kafe a bayansu, suna tafiya ba su fasa sahu ba, kuma ya yaba haƙurinsu. Kowane dare mai shela yakan ɗaga murya yana neman taimakon Kabari Mai Tsarki, runduna duka ta amsa da kuka. Suka yi nasara a Arsuf ranar 7 ga Satumba. Sau biyu suka kai Baitu Nuba, tafiyar yini guda zuwa Ƙudus, a Janairu da kuma Yunin 1192, sau biyu Ricad ya juya.

Dalilinsa na soja ne kuma mai ƙarfi: hanyar abinci daga teku za ta yanke, Salahuddin ya lalata rijiyoyin kewayen birnin, kuma Faranjawan da aka haifa a Sham sun gaya masa cewa ko an ci birnin, masu ziyarar za su yi addu'a su koma gida, ba mai riƙe shi. Talakan da ya sayar da gonarsa bai ga wannan lissafi ba, ya koma cikin ruwan sama da taɓo yana tsine wa ranar da aka haife shi. Bai san cewa a cikin Ƙudus ma tsoro ya kama amirai ba. Sun gaya wa Salahuddin ba za su yarda a rufe su a birni a yi musu irin ta Akka ba, sai in shi ko wani daga gidansa zai zauna tare da su, domin Kurdawa ba za su bi Turkawa ba, Turkawa ba za su bi Kurdawa ba.

Gajiyar ɓangarorin biyu ce ta kawo sulhun Yafa ranar 2 ga Satumban 1192, na shekara uku da 'yan watanni. Faranjawa suka riƙe gaɓar teku daga Sur zuwa Yafa, Ƙudus ta zauna a hannun Musulmi, aka yarda Kiristoci su shiga ziyara ba makami. Dakarun da suka rage suka tafi ayari-ayari, suka cika bakancensu a ƙarƙashin tsaron sojojin Salahuddin, wanda ya hana mutanensa ɗaukar fansar Akka a kansu, suka kuma ga 'yan'uwansu fursunoni suna aikin gyaran ganuwar birnin. Ricad bai shiga ba. Salahuddin ya sallami rundunonin gabas suka koma garuruwansu, shi kuma ya rasu a Dimashƙa a Maris na 1193. Akka ta zama babban birnin Faranjawa a Sham har 1291, lokacin da Mamalikan Misira suka ci ta.